Ƙirƙirarriyar basira da guraben aiki: shin tarihin injin saƙa da kwamfuta zai maimaita kansa?

Auwal_Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da nake yawan ji duk lokacin da aka tayar da zancen ƙirƙirarriyar basira da barazanar da take yi wa ayyukan mutane. Da zarar wani ya nuna fargaba, sai a ce masa ya kwantar da hankalinsa, domin haka aka ji tsoron injin saƙa a Ingila, haka kuma aka ji tsoron kwamfuta, amma a ƙarshe ayyukan da suka samu sun fi waɗanda suka salwanta yawa. Ni malamin sakandare ne, kuma ɗalibaina na ajin ƙarshe suna tambayata ko akwai amfanin su karanci aikin akanta ko aikin fassara a jami'a. Ba na son in ba su amsar da ni kaina ban auna ta ba. Tambayata ga masana ita ce, shin da gaske ne injin saƙa da kwamfuta sun samar da aiki fiye da wanda suka kashe? Idan kuma haka ne, wa ya samu sabon aikin, wanda ya rasa nasa ne ko wani daban?

Bazazzage_82:
Wa alaikumus salam Malam Auwal. Ai tarihi ya riga ya yanke wannan hukunci. A farkon ƙarni na 19 wasu masaƙa a Ingila da ake kira 'yan Ludd sun riƙa farfasa injuna da guduma saboda jahilci da ƙin ci gaba, amma hakan bai hana komai ba. Masana'antar tufafi ta bunƙasa, Manchester ta cika ta batse, kuma jikokin waɗannan mutane sun fi kakanninsu jin daɗin rayuwa nesa ba kusa ba. Ka gaya wa ɗalibanka su karanci abin da suke so, domin masu kururuwar yau su ne 'yan Ludd na wannan zamani.

Malama_Binta_Tarihi:
Malam Bazazzage, ka faɗi gaskiya game da jikoki, amma ban yarda da batun jahilci ba, kuma labarin ya fi yadda ka taƙaita shi tsawo. Boren ya fara ne a yankin Nottingham a 1811, ya bazu zuwa Yorkshire da Lancashire, ya lafa wajen 1816. Mutanen da suka yi shi gwanaye ne a sana'arsu, da yawansu ma da injin saƙa safa suke aiki tun iyaye da kakanni. Abin da suka ƙi shi ne yadda iyayen gida suke amfani da sababbin injuna wajen fitar da kaya marasa inganci, suna ɗaukar waɗanda ba su koyi sana'ar ba, suna kuma rage lada. A lokacin doka ta haramta wa ma'aikata kafa ƙungiya, saboda haka ba su da teburin da za su zauna a yi ciniki. A 1812 majalisa ta mayar da fasa inji laifin kisa, kuma a watan Janairun 1813 an rataye mutum 17 a birnin York.

Abin da ya fi amsa tambayar Malam Auwal shi ne labarin masaƙan hannu, kuma yana da matakai biyu. Kaɗi aka fara mayarwa kan inji, tun daga shekarun 1760, sai zare ya yi arha ya kuma wadata. Tun da saƙa tana hannu har lokacin, sai aka shiga neman masaƙa ruwa a jallo, lada ya tashi, mutane suka bar gona suka kafa masaƙa a ɗakunansu. Wato injin kaɗi ne da kansa ya haifar da wannan aiki mai yawa, har masaƙan hannu na auduga suka kai kimanin 240,000 a shekarun 1820. Mataki na biyu shi ne injin saƙa, wanda Edmund Cartwright ya yi wa rajista tun 1785 amma bai yi aiki mai kyau ba sai bayan shekaru da dama ana gyara shi. A 1813 irin wannan inji bai wuce 2,400 ba a Birtaniya, amma zuwa 1833 ya kai kimanin 100,000. Masaƙin da yake samun sama da sule 20 a mako a farkon ƙarnin ya koma samun wajen sule 6 zuwa 1830, kuma kafin 1860 sana'ar ta kusa ƙarewa.

Su wa aka ɗauka a sababbin masana'antun? Galibi mata ne da matasa da yara, domin ladansu ya fi sauƙi. Magidancin da ya shekara ashirin a kan masaƙarsa bai cika komawa masana'anta ba, ya dai ci gaba da ƙara awannin aiki a kan ladan da kullum raguwa yake yi har tsufa ya cim masa.

Dan_Kakuri:
Malama Binta, Allah ya ƙara ilimi. Ba sai mun je Ingila ba, domin mu a Kaduna mun ga wannan da idanunmu. Mahaifina ya yi aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, kuma na tashi ina ganin yadda titi yake cika da kekuna idan aka busa tashi daga aiki. Masu abinci, masu gyaran keke, masu gidajen haya, kowa yana ci daga albashin masaƙa. Yau idan ka bi ta wurin sai ka ga ciyawa ta cinye harabar, rufin kwano ya yi tsatsa. Wasu abokan mahaifina sun rasu suna jiran haƙƙinsu na sallama. Wannan shi ne abin da inji yake yi wa talaka, kuma shi nake tsoron ƙirƙirarriyar basira za ta sake yi mana.

Injiniya_Sakkwato:
Malam Dan_Kakuri, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kuma saka wa iyayenmu da alheri. Sai dai misalin Kakuri yana nuna akasin abin da ka kawo shi don ya nuna. Inji ne ya samar da waɗannan ayyuka tun farko, daga lokacin da Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, sauran masaƙu suka biyo baya. Ba wani sabon inji ne ya shigo harabar ya kori ma'aikata ba. Masaƙun sun durƙushe ne saboda rashin tsayayyar wutar lantarki, da tsadar man da ake kunna tukunyar tururi da shi, da injuna tsofaffi da ba a sabunta ba, da kuma atamfar da ake shigowa da ita ta bayan fage a farashin da ba za su iya gogayya da shi ba. Idan inji yana da hannu a ciki, to injin da yake can Asiya ne, wanda ya fi namu sabunta. Wannan ma darasi ne, domin wanda ya ƙi sabon inji yana iya rasa aikinsa a hannun wanda ya karɓe shi a wata ƙasa.

Dan_Kakuri:
Na ji bayaninka Injiniya, amma ga iyalin da aka daina kawo wa albashi, babu bambanci tsakanin injin da yake Kakuri da wanda yake ƙetaren teku.

Hajiya_Akanta:
Ina ganin akwai lissafin da ya kamata mu shimfiɗa a fili, domin shi yake bayyana dalilin da wani lokaci inji yake ƙara aiki, wani lokaci kuma yake rage shi. Mu ɗauka gari yana da masaƙa 100 da suke fitar da yadi 1,000 a mako. Aka kawo injin da zai sa mutum ɗaya ya yi aikin mutum huɗu. Idan mutanen garin suka ci gaba da sayen yadi 1,000 kawai, to mutum 25 sun isa, 75 sun tafi gida. Amma idan arhar da aka samu ta sa mai riga ɗaya ya sayi biyar, aka fara sayen labule da zanen gado, har buƙata ta kai yadi 6,000, to ana neman mutum 150 ke nan. Inji ɗaya ne, sakamako biyu, kuma abin da ya raba su shi ne ko jama'a suna da ƙishirwar kayan da ba su riga sun kashe ba.

Wani masanin tattalin arziki na Jami'ar Boston, James Bessen, ya bi diddigin wannan a masaƙun Amurka. A ƙarni na 19 aikin da ake buƙata don saƙa yadi ɗaya ya ragu da kashi 98 cikin ɗari, amma duk da haka masaƙa sun ƙaru, saboda mutanen da a da suke da tufa ɗaya ko biyu sun shiga sayen tufafi ba kama hannun yaro. Sai dai ƙishirwa tana da iyaka. Da akwatunan mutane suka cika, injuna kuma suka ci gaba da inganta, ga kayan waje suna shigowa, sai lissafin ya juya. A 1958 masaƙun yadi na Amurka suna da ma'aikata sama da 300,000, amma zuwa 2011 ba su wuce 16,000 ba.

A fannina ma haka ta faru. Da manhajar jadawalin lissafi ta fito, VisiCalc a 1979 sannan Lotus 1-2-3 da Excel, aikin da akawu yake kwana uku yana tarawa da fensir da magogi ya koma na mintuna. Akawun tara lissafi sun ragu ƙwarai, amma akantoci da masu nazarin kuɗi sun ƙaru, domin tun da lissafi ya yi arha, sai masu kamfani suka riƙa tambayar abin da a da ba sa tambaya: idan muka ƙara farashi me zai faru, idan muka ci bashi me zai faru. Saboda haka, Malam Auwal, tambayar da za ka koya wa ɗalibanka ita ce, idan wannan aiki ya yi arha sau goma, mutane za su nemi ninkinsa goma ko kuwa abin da suke samu yanzu ya ishe su?

Tsohon_Akawu:
Hajiya, lissafinki ya fita, amma bari dattijo ya faɗi yadda abin yake daga ciki. Na yi aikin gwamnati a zamanin da kowace ma'aikata take da ɗakin masu buga tafireta. Jami'i zai rubuta wasiƙa da hannu, masinja ya kai ɗakin, a sa takardar kabon tsakanin farare a buga kwafi uku lokaci guda, idan aka yi kuskure a harafi ɗaya kuma wasiƙar mai muhimmanci ce sai a sake ta daga farko. Mai saurin bugu da tsabtar aiki mutum ne mai daraja, manyan jami'ai suna neman alfarmarsa. Da kwamfuta ta shigo ba a kori kowa rana ɗaya ba. An dai daina ɗaukar sababbi, wanda ya yi ritaya ba a maye gurbinsa, har ɗakin ya koma wurin ajiye tsofaffin fayiloli. Matasan cikinsu sun koyi kwamfuta, wasu ma sun buɗe shagon buga takardu da hoton takarda kusa da kotu da makarantu, sun kuma samu rufin asiri. Waɗanda suka haura shekara hamsin sun zauna ne suna jiran fansho ba tare da wani aiki a gabansu ba. Abin da nake so matasa su lura da shi shi ne, mutuwar sana'a ba ta cika zuwa da takardar kora ba. Alamarta ita ce ka duba ka ga an daina ɗaukar yara masu koyo.

Auwal_Fagge:
Baba Tsohon_Akawu, wannan alama da ka bayar na rubuta ta. Ina da tambaya a kan wani misali da ake yawan kawowa, wato na'urar cirar kuɗi ta ATM. An ce da ta fito an yi zaton ma'aikatan banki masu biyan kuɗi a kan kanta sun gama yawo, amma sai suka ƙaru. Akwai wanda ya san gaskiyar wannan?

Ummu_Khalil:
Malam Auwal, maganar tana da tushe, kuma daga binciken Bessen ɗin da Hajiya ta ambata ta fito. A biranen Amurka, tsakanin 1988 da 2004, masu aikin kanta da reshe ɗaya yake buƙata sun ragu daga kimanin 20 zuwa 13. Tun da buɗe reshe ya yi sauƙi, bankuna suka ƙara rassa da kashi 43 cikin ɗari a birane don gasar neman abokan hulɗa, shi ya sa jimillar ma'aikatan ba ta faɗi ba. Aikinsu kuma ya sauya daga ƙirga kuɗi zuwa tallan asusu da bashi. Amma masu kawo wannan misali sukan tsaya a nan, alhali labarin bai ƙare ba. Bayan 2010, da mutane suka koma yin hulɗar banki ta waya, rassan suka fara rufewa, yawan masu aikin kanta ya shiga raguwa. Na'urar cirar kuɗi ta ɗauke musu wani ɓangare na aiki ne, ita kuwa waya ta ɗauke dalilin zuwa reshen gaba ɗaya.

Na yi aikin kanta a wani banki kafin in bari, kuma abin da na gani a nan gida ya ɗan bambanta. Layin da yake cika mana zaure ya koma bakin titi, wurin masu na'urar POS a ƙarƙashin lema. Babu wanda zai musa cewa wannan sana'a ta ɗauki matasa masu ɗimbin yawa. Sai dai a kwatanta aikin biyu: ɗaya yana da albashi da fansho da hutun shekara, ɗayan kuma yana zaune a rana da jarin da ya ranto, yana fargabar ɓarayi da kuɗin jabu da tura kuɗin da bai shiga ba. Idan ana ƙidayar guraben aiki, kowanne ɗaya ne.

Alaramma_Gwale:
Jama'a, ina bin muhawarar nan, kuma ina tunatar da mu cewa arziki yana hannun Allah, babu injin da zai hana bawa abin da aka rubuta masa. Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Kada mu cusa wa yara tsoron da zai karya musu gwiwa tun kafin su fara nema.

Malama_Binta_Tarihi:
Allah ya gafarta Malam, babu mai jayayya da wannan, kuma kai ka fi mu sanin cewa an umarce mu da riƙon sababi. Abin da muke tattaunawa shi ne yadda mutane suke raba abin da Allah ya hore, kuma a nan tarihi yana da abin faɗa. Masanin tarihin tattalin arziki Robert Allen ya ƙiyasta cewa daga 1780 zuwa 1840 abin da ma'aikacin Birtaniya yake samarwa ya ƙaru da kashi 46 cikin ɗari, amma ladansa, idan aka auna shi da abin da zai iya saya, kashi 12 kawai ya ƙaru. Sai daga 1840 zuwa 1900 ne lada ya yi tashin da ya zarce na samarwa. Shekara sittin ta wuce tsawon rayuwar aikin mutum guda. Wanda aka haifa a farkon wannan zango ya yi ƙuruciya ya tsufa bai ga ribar da Malam Bazazzage yake magana a kai ba.

Kuma gyaran bai zo don kansa ba. An soke dokar hana ƙungiyoyin ma'aikata a 1824, dokar masana'antu ta 1833 ta hana sa yara 'yan ƙasa da shekara tara aiki a masaƙun auduga, sannan a 1847 aka taƙaita aikin mata da matasa zuwa awa goma a rana. Kowace ɗaya sai da aka sha gwagwarmaya kafin a same ta.

Bazazzage_82:
Malama, duk da haka ban ga abin da ya rushe maganata ba. Binciken masanin tattalin arziki David Autor da abokan aikinsa ya nuna cewa kimanin kashi 60 cikin ɗari na ma'aikatan Amurka a 2018 suna yin ayyukan da ko sunansu babu a 1940. Mu nan ma, kafin wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, wa ya san da mai gyaran waya ko mai sayar da kati ko mai cajin batir? A je Farm Centre a Kano a ga yawan masu cin abinci daga abin da a da babu shi. Matsalar ita ce aikin da zai mutu muna ganinsa da suna da fuska, wanda za a haifa kuwa ba mu iya hango shi ba, shi ya sa kullum tsoro yake rinjaye.

BaDamagare:
Gaisuwa daga Damagaram. Akwai ɓangaren da ba a taɓa sosai ba, wato wurin da aikin ya mutu da wurin da aka haife shi. Hajiya ta ce buƙata ce take ceton aiki, to ina Lancashire, yankin masaƙun Manchester, ta samu masu sayen yadin da ya ninka haka? Ba Ingila kaɗai ba ce. Kaso mai yawa an fitar da shi ne zuwa ƙasashen waje, musamman Indiya, ƙasar da a da ita take sayar wa Turai da yadi, kuma masu kaɗin hannu a can suka rasa sana'arsu. Idan ka tsaya a Manchester ka yi ƙidaya, za ka ce inji ya ƙara aiki, amma wanda ya tsaya a yankin Bengal na Indiya zai ba ka wata amsa daban.

Mu ma abin ya shafe mu. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851 ya tarar da saƙa da rini su ne ƙashin bayan kasuwancin garin, ana kai tufafin Kano har Timbuktu da Tarabulus. Turkuɗin Kura da baƙin rawani fatake suke ɗauka su bi ta nan Damagaram zuwa Agadas. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, yadin inji ya riƙa shigowa da yawa, kuma sannu a hankali kaɗin da mata suke yi da mazari a cikin gida ya ja baya, saƙar hannu ta koma ta kayan ado da na sarauta. Tambayata ita ce, a wannan karon mu ne Manchester ko mu ne Bengal? Kamfanonin da suke gina waɗannan manhajoji da manyan ma'ajiyar na'urorinsu galibi suna Amurka da Sin, mu kuwa masu biyan kuɗin amfani ne.

Injiniya_Sakkwato:
Tambayar BaDamagare tana da nauyi. Zan ƙara da abin da nake ganin ya bambanta wannan fasaha da na baya, da kuma inda ake zuzuta ta fiye da kima. Injin saƙa abu ɗaya ya iya, kuma sai an gina masana'anta an ja ruwa ko an kunna tururi kafin ya yi aiki, shi ya sa ya ɗauki kusan rabin ƙarni kafin ya mamaye sana'ar. Kwamfuta ta ɗauki aikin da za a iya rubuta ƙa'idarsa mataki bayan mataki, kamar tara lissafi da jera sunaye. Ita ƙirƙirarriyar basira tana koyo ne daga misalai masu yawa, saboda haka tana shiga ayyukan da ba mu iya rubuta musu ƙa'ida ba, kamar tsara wasiƙa da fassara da zane, kuma tana isa ga duk mai waya ba tare da an gina komai a garinsa ba. Saurin yaɗuwar shi ne abin da ya fi damuna, domin bai bar wa mutane lokacin da masu tafireta suka samu na jiran ritaya ba.

Amma a yi hattara da hasashe. A 2013 wasu masana biyu na Oxford, Frey da Osborne, sun ce kashi 47 cikin ɗari na ayyukan Amurka suna cikin babban haɗari. Bayan shekara uku wani bincike na OECD, ƙungiyar ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki, ya sake lissafin ya samu kashi 9 kawai. Bambancin ya zo ne daga abin da aka ƙirga. Na farko ya ɗauki sana'a dunƙule, na biyu kuma ya rarraba ta zuwa ƙananan ayyukan da mutum yake yi a yini, ya ga cewa ko akawu yana da ɓangaren magana da mutane da warware rikici wanda na'ura ba ta ɗauka ba. Haka kuma a 2016 Geoffrey Hinton, ɗaya daga cikin jagororin wannan fanni, ya ce a daina horar da likitocin duba hoton jiki domin na'ura za ta fi su cikin shekara biyar. Shekarun sun wuce, asibitoci suna ta neman waɗannan likitoci har yanzu, domin karanta hoton wani yanki ne kawai na aikinsu, kuma dole a samu wanda zai sa hannu ya ɗauki alhaki.

Mai_Fassara_Zariya:
Injiniya, ni abin ya riga ya iso teburina. Ina fassara daga Turanci zuwa Hausa, galibi takardun wayar da kai kan lafiya da noma. A da ana turo mini rubutu in fassara daga tushe, a biya ni kan kowace kalma. Yanzu wasu masu ba ni aiki suna turo abin da na'ura ta riga ta fassara, su ce in duba kawai, su kuma biya ƙasa da rabin tsohon farashi. Matsalar ita ce fassarar takan zo sumul a ido, jimla tana bin jimla, amma kuskuren yana ɓoye a ciki. Na taɓa samun takardar shan magani inda aka juya umarnin a sha sau ɗaya bayan kowace awa takwas ya koma a sha har tsawon awa takwas. Kafin ka kama irin wannan sai ka karanta asalin layi bayan layi, wato ka yi aikin gaba ɗaya a kan rabin lada. Ban rasa aiki ba, hasali ma takardun sun ƙaru, amma da na karanta bayanin Malama Binta kan masaƙin da yake ƙara awanni lada yana raguwa, sai na ga ba ni da nisa da shi.

Hajiya_Akanta:
Malam Mai_Fassara, lamarinka ya dace da lissafin da na kawo ta fuska biyu. Buƙatar rubutu da Hausa ba ta kusa ƙoshi ba, domin akwai littattafan makaranta da bayanan asibiti da takardun kotu da ba a taɓa fassarawa ba saboda tsada, don haka ina sa ran yawan aikin zai ci gaba da hawa. Sai dai yawan aiki daban, ladan aiki daban. Ladan masaƙan hannu ya fara faɗuwa tun kafin injin saƙa ya yawaita, saboda sana'ar tana da sauƙin shiga kuma mutane sun yi mata yawa, musamman bayan an sallami sojoji a 1815. Idan na'ura ta sa duk mai jin Hausa yana ganin zai iya duba fassara, to farashi zai faɗi ko da takardu sun ninka. Abin da zai riƙe farashinka shi ne mai ba da aikin ya san cewa kuskure irin na awa takwas zai iya jawo masa asara, kuma kai ne kake iya kama shi.

Tsohon_Akawu:
Hajiya, to shi ya kai ga iya kama kuskuren ne saboda ya shekara yana fassara daga tushe. Yaron da zai fara yau, wanda ba za a taɓa ba shi ɗanyen rubutu ba sai abin da na'ura ta tauna, a ina zai samu wannan ido? Mu a ofis, da buga wasiƙun wasu muka koyi yadda ake rubuta wasiƙa.

Injiniya_Sakkwato:
Baba, akwai binciken da ya taɓa wannan, ko da yake bai warware shi ba. A 2023 masanin tattalin arziki Erik Brynjolfsson da abokan aikinsa sun duba ma'aikata sama da 5,000 masu amsa koke-koken abokan ciniki, waɗanda aka ba su manhajar da take ba su shawarar amsa. Yawan matsalolin da suke warwarewa a awa ya ƙaru da kimanin kashi 14 cikin ɗari, amma sababbin shiga ne suka fi amfana, da wajen kashi 34, gwanayen kuwa kusan ba su ƙaru da komai ba. Wani zai karanta wannan ya ce na'ura tana koya wa yaro aiki da sauri. Wani kuma zai ce idan sabon shiga yana yin aikin gwani, to mai kamfani ba shi da dalilin biyan gwani ladan gwaninta. Ni ina ganin duka biyun suna iya faruwa a ofis ɗaya.

Auwal_Fagge:
Na gode wa kowa. Malam BaDamagare, tambayarka ta Manchester da Bengal ban ga wanda ya amsa ta ba, kuma ita ce ta fi shafar ɗalibaina, domin ba a Amurka za su nemi aiki ba. Malam Mai_Fassara, idan ba damuwa, ina so ka gaya mana ko masu ba ka aiki suna ɗaukar sababbin masu fassara a yanzu, ko kuwa ku tsofaffin hannu kaɗai ake kira.

Mai_Fassara_Zariya:
Malam Auwal, waɗanda nake hulɗa da su suna ɗaukar matasa, amma ba don fassara ba. Ana ba su jimlolin da na'ura ta fitar su ba su maki, ko su karanta rubutu da murya a naɗa, ana biyansu kan kowane guntun aiki, kuma kwangilar takan ƙare cikin 'yan watanni. Ƙanwata tana cikin masu yi, kuma da kuɗin ta biya rajistar zangon karatunta na bana. Takardun lafiya da na shari'a kuwa har yanzu mu tsofaffin hannu ake turo wa.